Dala 50,000 a takarda, sefa nawa a hannu? Fashin baƙi kan rubuta faktir ga mai saye na ƙetare

A kasuwar Garwa idan ɗan kasuwa ya ce maka "dala ɗari", sefa 500 yake nufi, domin dala a lissafinmu na kasuwa sefa biyar ce. Idan ya ce "jaka" kuma, sefa 1,000 ke nan. Ka tsallaka Kano ka ce jaka, tsofaffin 'yan kasuwa za su ji naira 200. Kalma ɗaya, kuɗi biyu. Mu da muka taso a bakin iyaka mun saba da wannan, shi ya sa a cinikin baki muke maimaita tambaya har sai magana ta fito fili. Abin mamaki shi ne, da zarar an zo rubuta faktir, wato takardar da mai sayarwa ke aika wa mai saye da jerin kaya da kuɗinsu, sai wannan tsantsenin ya ɓace. A rubuta jimla, a buga hatimi, a aika. Bayan wata biyu kuɗi su iso da giɓi, kowa ya rantse cewa shi ke da gaskiya, kuma sau da yawa duk su biyun ba ƙarya suke yi ba. Takardar ce ba ta faɗi abin da ya kamata ta faɗa ba.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Alƙaluman na misali ne, na zaɓe su don lissafi ya fito sarai, amma hanyar da kuɗin ke bi haka take.

Wani attajiri a Garwa ya tara riɗi, ya ɗora a mota zuwa Ngawundare, daga can aka wuce da shi tashar jiragen ruwa ta Duwala. Mai sayen wani kamfani ne a Turkiyya. Attajirin ya yi lissafin kuɗin da ya sayi riɗin a ƙauyuka, da na buhu, da na mota, da na duwan, da ribarsa, duk a sefa, ya ga cewa miliyan 30 da ɗoriya zai fisshe shi. Mai saye ya ce shi da dalar Amurka yake ciniki. Aka duba canjin ranar, aka daidaita a kan dala 50,000, za a biya bayan kwana 60. Abin da aka rubuta a ƙasan faktir shi ne jimlar, da lambar asusu, da "a biya cikin kwana 60". Ba a ƙara komai ba.

Ranar da aka rubuta takardar, yuro ɗaya dala 1.09 ne. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin sefa ba ta da nata farashin a gaban dala. Tun 1 ga Janairun 1999 aka ɗaure ta da yuro a kan sefa 655.957 ga kowane yuro ɗaya, ba ta gaba ba ta baya. Saboda haka farashin dala a sefa ana samunsa ne ta raba 655.957 da farashin yuro a dala. A ranar, amsar ita ce kusan 601.8, kuma dala 50,000 ta kama sefa 30,090,000. Da wannan adadin attajirin ya kwana a ransa.

Ranar biya, yuro ya tashi zuwa dala 1.13. Irin wannan motsi ba baƙon abu ba ne, kusan haka aka gani tsakanin Maris da Mayun 2025. Yanzu dala ta koma sefa 580.5, kuma dala 50,000 ɗin nan ta zama 29,025,000. Sefa 1,065,000 ta tafi tun kafin wani banki ya taɓa kuɗin. Sai aka zo tura su. Mai saye ya cike takardar bankinsa, a gurbin kuɗin aike ya bar zaɓin da ya tarar, wato kowa ya ɗauki nasa. Kuɗin suka bi ta bankuna biyu na tsakani, ɗaya ya cire dala 25, ɗayan ya cire 35, sai 49,940 ta iso. Bankin attajirin ya canza su zuwa sefa, kuma ba a kan 580.5 ba, a kan farashin da shi yake sayen dala, mu ce 575. Aka sami 28,715,500. Daga nan bankin ya ɗauki kamashonsa, mu ce 40,000, da harajin kaya da hidima na Kamaru na kashi 19.25 cikin ɗari a kansa, ya zama 47,700. Abin da ya zauna a asusu 28,667,800 ne.

Giɓin ya kai sefa 1,422,200. Idan ka rarraba shi, miliyan ɗaya da dubu 65 motsin kasuwa ne, dubu 275 tazarar da ke tsakanin farashin kasuwa da farashin sayen banki ce, dubu 34 da ɗari biyar ne kacal bankunan hanya suka ci, sauran kamashon bankin gida. To amma ka san a kan me ake yin faɗa? A kan dala 60 ɗin. Ita ce ake gani da ido, domin takarda ta ce 50,000 saƙon banki ya ce 49,940. Sai a yi ta musayar saƙonni ana cewa "ba ka biya cif ba", alhali babbar ɓarakar tana can ba wanda ya duba ta, kuma ba wanda za a kama da laifinta, tunda faktir ta ce dala, an kuma biya dala.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Kuɗin da bashi ke ciki daban, kuɗin da za a biya da shi daban. Suna iya zama ɗaya, suna iya bambanta, kuma faktir ce za ta faɗa. Idan ta ce bashin dala 50,000 ne, mai sayarwa ne ya ɗauki haɗarin canji, ko ya sani ko bai sani ba. Da dalar ta tashi ribar tasa ce, da ta faɗi asarar tasa ce. Idan kuwa ta ce bashin sefa 30,090,000 ne amma za a biya da dala, to haɗarin ya koma kan mai saye. A ranar biya zai nemo dalar da za ta cika wannan adadi, a misalinmu kusan 51,835 idan an ɗauki 580.5. Kowanne daga cikin biyun halas ɗin ciniki ne, kuma ana iya sa shi cikin farashi tun farko. Wanda ke kawo rigima shi ne na uku, wanda na fi gani a hannun mutanenmu: a rubuta jimla biyu a jere, dala kaza "daidai da" sefa kaza, ba a ce wacce ce uwa wacce ce 'ya ba. Ranar biya kowa sai ya kama wadda ta fi masa daɗi. In dole ne a nuna adadi na biyu, saboda duwan ko littafin lissafi, a rubuta kusa da shi cewa don sanarwa ne kawai, ba shi ake bi ba.

Ga ɗan kasuwar Kamaru ko Cadi akwai wata ƙofa da na Najeriya ba shi da ita, wato yuro. Da attajirin ya rubuta faktir ɗinsa da yuro, kusan 45,872, da motsin dala bai shafe shi ba, domin ko bayan kwana 60 ko bayan 150 yuro ɗaya 655.957 ne. Kamashon banki yana nan, amma miliyan ɗayan nan da ba ta tafi ba. Mai saye na iya ƙin yarda, musamman idan shi ma da dala yake sayarwa, sai dai ya kamata a fara tambaya kafin a miƙa wuya. Akwai ɗan bambanci a nan da ba ya bayyana sai ranar da ba a fata. "Bashin yuro ne" da "bashin sefa ne, a biya da yuro" abu ɗaya ne muddin ɗaurin yana nan. Amma dattawanmu ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Wanda ake bi bashin kuɗin waje a ranar ya wayi gari bashinsa ya ninka, wanda yake bi kuma ya sami ninki. Mai fitar da kaya ya fi tsira idan bashin a yuro yake. Mai shigo da kaya kuwa, in zai samu, gara masa a rubuta sefa.

Kafin mu bar maganar sunan kuɗi, kalmar "sefa" kanta ba ta isa ba. Sefa biyu ce. Tamu ta ƙasashen Afirka ta Tsakiya shida, Kamaru da Cadi da Gabon da Kwango da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, babban bankinmu da ke Yawunde ke fitar da ita, lambarta a banki `XAF`. Ta Nijar da Benin da sauran ƙasashen yamma shida kuwa daga babban bankinsu na Dakar take, lambarta `XOF`. Darajarsu a gaban yuro ɗaya ce, amma takardar wannan ba ta ci a kasuwar wancan, kuma duk wanda ya taɓa shiga Diffa ko Damagaram da kuɗin Kamaru ya san ɗan canji sai ya rage wani abu. A banki ma tura kuɗi daga Garwa zuwa Maraɗi fitar da kuɗi waje ne, da takardunsa da kuɗin aikensa, ba kamar Garwa zuwa Njamena ba. Saboda haka a rubuta harufa ukun. Haka dala, a sa `USD`, kada a dogara da alamar nan mai sanda, tunda Kanada ma dala take kashewa. Sannan a rubuta jimlar da kalmomi bayan alƙaluma. Mu da muka yi boko da Faransanci waƙafi muke sawa kafin ɓurɓushin kuɗi, mu raba dubbai da ɗigo ko fili, masu Ingilishi kuma akasin haka suke yi. Adadi irin 50.000 mutum biyu na iya karanta shi iri biyu.

Yanzu maganar ma'aunin canji, wadda ba ta tasowa sai kuɗin bashi da kuɗin biya sun bambanta. Jimlar da aka fi so ita ce "a kan farashin ranar", kuma ba ta amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin da za a yi faɗa a kansu. Farashin wa? Wace rana? Na saye ko na sayarwa?

Cinikinmu da Najeriya ya fi nuna wannan, don haka bari mu ajiye riɗi na ɗan lokaci mu ɗauki albasar Marwa. An ɗora wa wani ɗan kasuwar Kano albasa ta sefa miliyan 5, zai biya da naira bayan ya sayar. A bakin iyaka ana faɗin canji ne da naira nawa ke sayen jaka ɗaya ta sefa. Mu ce ranar lodi 2,400 ne, ranar biya 2,600. Mutumin Kano ya lissafa da ranar lodi, ya turo naira miliyan 12, a ganinsa ya sauke nauyi. Mutumin Marwa ya kai wa ɗan canji, aka ba shi sefa 4,615,000 da 'yan kai, ya ga saura kusan dubu 385. A lissafinsa miliyan 13 ya kamata a turo. Naira miliyan ɗaya ce tsakaninsu, kuma kalma ɗaya a takarda ta isa ta raba gardamar. Waɗanda suka ba da kaya bashi a naira a tsakiyar 2023 sun ɗanɗana wannan da girma. A watan Yunin shekarar babban bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, kuma a farkon 2024 ta wuce 1,400.

Batun "farashin wa" yana da amsa mai sauƙi a ƙa'ida: a ambaci wurin da kowa zai iya dubawa bayan wata shida ya ga adadi ɗaya. Babban bankin Turai yana wallafa farashin yuro a gaban manyan kuɗaɗe kowace ranar aiki da yamma, kuma tsofaffin alƙaluman suna nan a ajiye. Tunda sefa a ɗaure take da yuro, wannan ya ishe ka fitar da farashin dala. Babban bankinmu na Yawunde da na Najeriya su ma suna wallafa nasu. Matsalar ita ce cinikin albasa da shanu da yawa ba ta banki yake bi ba, ta hannun 'yan canji yake bi, kuma farashinsu ba a rubuce yake a ko'ina ba. Na Mubi daban, na Gamboru daban, na safe daban da na la'asar. Idan a can za a canza kuɗin, to sa farashin babban banki a takarda yaudarar kai ne, domin ba da shi za a sayi sefa ba. A irin wannan ni abin da nake ba da shawara shi ne a guje wa ma'aunin gaba ɗaya. A rubuta cewa bashin sefa miliyan 5 ne, kuma bai sauka ba sai sefa miliyan 5 ta shiga hannun mai kaya. Yadda mai saye zai samo ta, da farashin da zai saye ta, ya rage nasa. In kuwa ya dage sai naira, to a tsayar da adadin naira tun ranar lodi, a gajarta wa'adin, mai kaya ya sa haɗarin cikin farashinsa da saninsa.

"Wace rana" ta fi kowacce yawan reshe. Akwai ranar da aka rubuta faktir, da ranar da aka ɗora kaya, da ranar cikar wa'adi, da ranar da mai saye ya ba bankinsa umarni, da ranar da kuɗin suka zauna a asusun mai sayarwa. Tsakanin biyun ƙarshe kaɗai ana iya samun kwana uku ko biyar, fiye da haka idan wani banki a hanya ya tsayar don neman takardu. Ranar da kuɗi suka iso ita ta fi dacewa da mai sayarwa, amma mai saye ba zai iya sanin farashinta ba a lokacin da yake turawa, don haka kullum za a sami ɗan saura ko ɗan rara. Abin da ya fi aiki shi ne a ɗauki farashin ranar aiki ta ƙarshe kafin ranar turawa. An riga an wallafa shi, kowa na iya gani, kuma ya warware matsalar Asabar da Lahadi da ranakun hutu da ba a fitar da farashi. Malamanmu sukan kawo hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda yake sayar da raƙuma da dinari ya karɓi dirhami, aka ce masa babu laifi idan da farashin ranar ne kuma ba su rabu da sauran wani abu a tsakaninsu ba. Wanda ke son cinikinsa ya zauna a kan wannan zai ga cewa ranar biya ita ta fi kusa da shi.

Sai dai ranar biya tana buɗe wata ƙofa. Mai saye da ya ga canji na tafiya yadda yake so zai iya jan ƙafa da gangan. Maganinsa jimla ɗaya ce: idan an wuce wa'adi, za a duba farashin ranar wa'adi da na ranar da aka biya, a ɗauki wanda ya fi wa mai sayarwa. Kafin alƙalami ma yana buƙatar kalmarsa. Duk abin da aka biya tun farko a canza shi da farashin ranarsa, a cire daga bashin a kuɗin da bashin ke ciki, a rubuta saura. Kada a bari sai ƙarshe a tara duka a canza da farashi ɗaya, domin nan ma kowa zai zaɓi ranar da ta yi masa.

Game da saye ko sayarwa, ka tuna dubu 275 ɗin attajirinmu. Farashin da ake wallafawa na tsakiya ne, ba wanda ke saye ko sayarwa a kansa. Bankin da zai karɓi dalarka a ƙasa da shi zai saya. Ba adalci ba ne a ɗora wa mai saye tazarar bankin da ba shi ya zaɓa ba, kuma da wuya ya yarda. Wannan da bankinka za ka yi cinikinsa, kafin kuɗin su iso, musamman idan adadin babba ne. A takarda dai a ce farashin tsakiya, a kuma rubuta yadda ake karanta shi, wato sefa nawa ke sayen dala ɗaya, don kada wani ya juya lissafin.

Saura dala 60. A saƙon da bankuna ke aika wa juna ta hanyar `SWIFT` akwai gurbi na kuɗin aike, kuma zaɓi uku ne. `OUR` na nufin mai turawa ya ɗauki duka. `BEN` na nufin a cire duka daga cikin kuɗin, har da na bankin mai turawa. `SHA` na nufin mai turawa ya biya bankinsa, duk abin da aka ci bayan nan daga cikin kuɗin za a cire. Mutane na jin "rabawa" su ɗauka rabi da rabi ne. Ba haka ba ne, kuɗin bankunan tsakani gaba ɗaya a kan mai karɓa yake faɗawa. A sabon tsarin saƙonni da bankuna suka koma, sunayen sun zama `DEBT` da `CRED` da `SHAR`, ma'anar ba ta sauya ba, kuma takardun da ake cikewa a kanta galibi da tsofaffin sunayen suke.

Idan kuɗi suka iso da giɓi, kada a fara da zargi. A nemi mai saye ya turo kwafin saƙon bankinsa, wanda aka fi sani da `MT103`, a kuma nemi bankin gida ya ba da wanda ya karɓa. Na attajirinmu zai yi kama da haka:

```
:32A:250520USD49940,
:33B:USD50000,
:71A:SHA
:71F:USD25,
:71F:USD35,
```

Layi na biyu shi ne abin da mai saye ya ba da umarnin a tura, na farko kuma abin da ya iso da ranarsa. Na uku ya faɗi zaɓin da aka yi, biyun ƙarshe su ne abin da aka yanka a hanya. Daga nan ka san cewa mai saye ya tura 50,000 cif, zaɓin ne ya jawo giɓin. Da layi na biyu ya nuna 49,940, to shi ne ya rage da hannunsa. Wani lokaci ba duk bankunan hanya ke rubuta abin da suka cire ba, amma bambancin layukan biyu na farko ba ya ɓuya.

Za ka ce to a rubuta `OUR` a faktir a huta. A rubuta, amma bai wadatar ba. Dalar da ke bi ta bankunan Amurka takan iso da ɗan ragi ko da an zaɓi hakan, domin wani bankin tsakani na iya cire nasa duk da umarnin. Kuma kamashon da bankinka ke ɗauka a kan shigar kuɗi da canza su, irin dubu 47 da ɗari bakwai ɗin nan, yarjejeniya ce tsakaninka da shi. Saboda haka jimlar da ke aiki ita ce wadda ta faɗi sakamako: biya bai cika ba sai cikakken adadin ya isa bankin mai sayarwa, duk abin da aka cire kafin nan bashi ne a kan mai saye, abin da bankin mai sayarwa ya ɗauka bayan isowa kuma nasa ne. Wannan iyaka ce da kowa zai iya gani a saƙon banki. Wasu suna zaton sharuɗɗan jigilar kaya na duniya, irin `FOB` da `CIF`, sun rufe wannan. Waɗannan suna faɗin wanda zai biya jirgi da inshora da inda haɗarin kaya ke sauya hannu ne, ba ruwansu da kuɗin aike ko canji.

Me ya sa za a damu da dala 60 a cinikin dala 50,000? Saboda a ƙasashenmu ba mai saye da mai sayarwa kaɗai ke karanta faktir ba. Dokar canji ta yankinmu, wadda aka sa wa hannu a Disambar 2018 ta fara aiki a Maris ɗin 2019, ta ce duk kayan da aka fitar da suka kai sefa miliyan 5 sai an buɗe musu fayil a banki, kuma kuɗinsu su dawo gida cikin kwana 150. Bankin zai ɗora abin da ya shigo a kan abin da faktir ta ce kafin ya rufe fayil ɗin. Idan ba su zo ɗaya ba zai nemi bayani, kuma faktir da ta riga ta faɗi wanda ke ɗaukar kuɗin aike, tare da saƙon da ya nuna inda aka yanka, ita ce bayanin. Wannan doka kuma ita ce ta sa attajirinmu ba zai iya cewa "bari in riƙe dalar har ta tashi" ba, domin mazaunin yankin ba ya riƙe asusun kuɗin waje sai da izinin babban banki. Wa'adin kwana 150 ɗin ma ya kamata ya zama a ransa lokacin da mai saye ke roƙon ƙarin lokaci.

Da za a sake rubuta takardar riɗin, ƙasanta zai ɗauki magana kamar haka, a mayar da ita Faransanci ko Ingilishi gwargwadon mai saye: "Bashin wannan faktir yuro 45,872 ne (`EUR`). Ana iya biya da dalar Amurka (`USD`) a kan farashin da babban bankin Turai ya wallafa a ranar aiki ta ƙarshe kafin ranar turawa. Idan an wuce wa'adi, za a ɗauki wanda ya fi wa mai sayarwa tsakanin farashin ranar wa'adi da na ranar biya. A tura da zaɓin `OUR`. Biya bai cika ba sai cikakken adadin ya isa bankin mai sayarwa, kuma duk abin da aka cire a hanya mai saye zai cika shi a biya na gaba." Wannan "biya na gaba" da gangan na sa shi. Turo dala 60 ita kaɗai zai iya cin kusan rabinta a hanya, don haka tsakanin mutanen da ke ciniki a kai a kai gara a ɗora ta a faktir mai zuwa a layinta daban.

Wurin da aka rubuta maganar ma yana da nauyi. Faktir ta ƙarshe mai sayarwa ne ke rubuta ta shi kaɗai, bayan kaya sun tafi. Idan a nan ne mai saye ya fara ganin cewa shi zai ɗauki kuɗin aike, yana da bakin cewa ba da shi aka yi ba. Sharuɗɗan su fara bayyana a faktir ta share fage, wadda ake aikawa kafin lodi, mai saye ya sa mata hannu da hatimi ya dawo da ita. Ita ce kuma zai kai wa bankinsa, kuma daga cikinta ma'aikacin bankin zai ga zaɓin da ya kamata ya danna. Tsakanin Kamaru da Cadi da Nijar akwai dokar kasuwanci ɗaya ta ƙungiyar OHADA da za a koma gare ta idan an je gaban alƙali. Najeriya da Turkiyya ba sa ciki, don haka a ciniki da su abin da aka sa wa hannu kusan shi ne kawai abin riƙo.

Tsakanin Kusiri da Njamena, inda gada ce kawai ta raba mu kuma sefarmu ɗaya, duk maganar canji ta faɗi, saura ta kuɗin aike. Ita ma tana nan da ranta a ƙaramin ciniki, idan an tura ta waya: mai saye ya tura dubu 500 cif, mai kaya ya je cirewa a yanke masa kuɗin cirewa, ya kira yana cewa ba su cika ba. A rasit ɗin hannu ma ana iya ƙara kalma huɗu, "har da kuɗin cirewa", a gefen jimla.